Hoton da ƙanwata ta turo, da ƙaramar lambar da ta dusashe

Bayan sallar isha'i ne, ina zaune a ƙofar gida a Gwale, ƙanwata da ke aji ɗaya a jami'a ta turo mini hoto ta waya. Ta ɗauke shi daga bayan aji, hasken taga ya bugi farin allo, makar malamin kuma ta fara bushewa. A ƙasan hoton ta rubuta: "Yaya, don Allah duba mini, wannan jimlar tana tsayawa ko zarcewa take yi? Gobe za mu miƙa."

Jimla ce mara ƙarshe, n tana tashi daga 1 tana tafiya. A sama akwai n, a ƙasa kuma n mai ɗauke da wata ƙaramar lamba a kanta, a tara da 1. Ƙaramar lambar ce hasken ya cinye. Na karanta ta a matsayin 2, ban ma tsaya tunanin ko 3 ce ba.

```
a(n) = n / (n^2 + 1)
```

Na yi shekaru ina koyar da lissafi a darasin yamma, kuma hannuna ya saba da gwajin rashiyo, wanda ake jingina wa masanin lissafi d'Alembert. Ka raba kowane kaso da wanda ya gabace shi, ka ga inda sakamakon ya dosa yayin da n ke girma. In ya dosa adadin da bai kai 1 ba, jimlar tana tsayawa a kan adadi ɗaya. In ya haura 1, ta zarce. Da yake dare ya yi, sai na bi gajeriyar hanya, na sa lambobi. Kason farko 1/2, na biyu 2/5, na uku 3/10, na huɗu 4/17. Rashiyon ya ba ni 0.8, sai 0.75, sai kusan 0.78. Duk ƙasa da 1. Na rubuta mata cewa tana tsayawa, na shiga ciki.

Ban yi barci ba sai da abin ya dawo mini, saboda 0.78 ta fi 0.75, wato rashiyon ya fara hawa. Na tashi na gwada n = 100, na samu kusan 0.99. A nan na ga kuskurena. Gwajin yana tambayar inda rashiyon ya dosa ne a can ƙarshe, kuma kasancewar kowane rashiyo ƙasa da 1 bai nuna komai ba illa cewa kason yana raguwa. Dalilin da gwajin ke aiki shi ne, idan rashiyon ya zauna ƙasa da wani tsayayyen adadi kamar 0.9 daga wani wuri zuwa gaba, to jimlar tana ƙarƙashin wata jimla da ake ta ninkawa da 0.9, wadda muka san tana tsayawa. Idan kuwa rashiyon yana rarrafawa zuwa 1, babu irin wannan tsayayyen adadi da za ka riƙe. Da na yi aikin da haruffa, sama da ƙasa duk suka fito da n^3 a gaba, rashiyon ya dosa 1 daidai, kuma a kan 1 gwajin ba ya yanke hukunci ko ta wane ɓangare.

Na sake buɗe hoton na faɗaɗa shi da yatsa, sai shakka ta biyu ta shigo: wannan lambar tana iya zama 3. Na gwada rashiyo da 3 ɗin, a n = 100 na samu kusan 0.98, shi ma yana dosar 1. Ke nan gwajin da na dogara da shi ba zai iya bambance jimlolin biyu ba. Haka yake a duk lokacin da sama da ƙasa suka kasance n mai ɗauke da tsayayyar lamba a kai, rashiyo 1 zai ba ka. Inda yake da ƙarfi shi ne inda n ce da kanta ta hau sama, ko aka sami n!, wato a ninka lambobi daga 1 har zuwa n. Misali n / 2^n, rashiyonta (n+1) / (2n) ne, yana dosar 1/2, magana ta ƙare a layi biyu.

Sai na koma gwajin kwatance, wanda da shi ya kamata in fara. Sharaɗinsa kason duka su kasance ba su gaza sifili ba, kuma namu sun cika shi. Ka nemo jimlar da ka riga ka san halinta, ka ɗora taka a gefenta. Idan n ta yi girma, ƙarin 1 ɗin nan na ƙasa ba ya da wani nauyi, don haka mai 3 tana kama da 1/n^2, mai 2 kuma tana kama da 1/n.

Mai 3 ba ta ba ni wahala ba. Cire 1 daga ƙasa yana ƙara wa kaso girma, saboda haka:

```
n / (n^3 + 1) < n / n^3 = 1 / n^2
```

Jimlar 1/n^2 tana tsayawa, masanin lissafi Euler ya nuna cewa a kan π²/6 take tsayawa, kusan 1.645. Tamu tana ƙarƙashinta kaso bayan kaso, kuma tana ƙaruwa ne kawai, don haka dole ta tsaya.

Mai 2 ce ke da tarko, kuma na sha ganin ɗalibai sun faɗa cikinsa. In ka yi wannan dabarar ta cire 1, za ka samu cewa kasonmu bai kai 1/n ba. Gaskiya ne, amma ba ta amfane ka ba, domin jimlar 1/n zarcewa take yi, kuma zama ƙasa da abin da ba shi da iyaka bai sa maka iyaka ba. Don ka nuna zarcewa, sai ka sami mai zarcewa a ƙarƙashinka tana tura ka sama. Tunda 1 ba ta fi n^2 ba, n^2 + 1 ba ta wuce 2n^2 ba:

```
n / (n^2 + 1) >= n / (2n^2) = 1 / (2n)
```

Rabin jimlar 1/n ke nan. Ita kuwa hujjar zarcewarta tsohuwa ce, tun ƙarni na 14 Nicole Oresme ya kawo ta: 1/3 da 1/4 sun haura rabi, daga 1/5 zuwa 1/8 sun haura rabi, takwas na gaba ma haka, rabi bayan rabi ba ƙarewa. Tana hawa a hankali ƙwarai, shi ya sa kalkuleta ke yaudarar mutum ya ɗauka ta kusa tsayawa. Amsar da na ba ƙanwata, a kan karatun da ni kaina na zaɓa, ba daidai ba ce.

Da asuba na kira ta. Na ce ta goge abin da na turo jiya, na faɗa mata inda na kauce, sannan na ce kafin komai ta tabbatar da lambar. Ta ce, "Yaya, ashe ɗan wannan abin ne zai juya amsar gaba ɗaya?" Na ce shi ne, kuma na tura mata aikin duka biyun da hannu a takarda, kowanne da layin kwatancensa. Tun daga ranar, duk wanda ya turo mini tambaya a hoto, sai ya sake rubuta ta da baka-biyu yadda ake bugawa a waya kafin in taɓa biro, in ga iyakar layin rabawa da abin da ke kan kowace n.

Wajen ƙarfe takwas, tana cikin adaidaita sahu a hanyar Kabuga, ta turo hoton littafin wata ƙawarta da ta zauna a layin gaba. Lambar 2 ce, a fili. Ta kwafe kwatancen 1/(2n), ta ƙara layi ɗaya a sama cewa gwajin rashiyo ya ba da 1 don haka bai yanke hukunci ba, ta miƙa.