Cok da kafasitan fanka: yadda 12 V ta haifar da 54 V a teburina

'Yan'uwa masu koyo, ga inda na kwana a gwajin rezonans, wato inda tarewar cok da ta kafasita ke kashe juna har karant ya kai iyakar hawansa. Ba ni da injin da ke sauya saurin juyawar wuta, don haka na bar ta a 50 Hz na wutar gida, na riƙa sauya kafasita. Kayan aikin su ne taransifoma mai ba da 12 V, cok na tsohuwar doguwar fitila, resista mai 10 Ω, da kafasitan fanka masu 2.5 µF guda biyar. Cok, resista da kafasita duk a jere suke, layi ɗaya. Idan ina son ƙarin µF sai in haɗa kafasitocin kai da kai, ƙafa da ƙafa.

Kafin komai, 12 V ɗin da mita ke nunawa RMS ce, wato gwargwadon wutar batir da za ta ɗumama resista daidai da yadda wannan mai kai-da-komo ke ɗumama ta. Ƙololuwarta ta fi haka da ninki 1.414, kusan 17 V. Haka ma 230 V ta soket, ƙololuwarta na kaiwa 325 V. Duk alƙaluman da ke ƙasa RMS ne.

Cok da kafasita kowanne yana tare karant, amma ba ta hanyar zafi irin na resista ba. Wannan tarewar ita ce riyaktans:

```
XL = 2πfL
XC = 1/(2πfC)
Z  = √(R² + (XL − XC)²)
```

XL riyaktans ɗin cok ne, XC na kafasita, f saurin juyawar wuta, L darajar cok, C ta kafasita, R jimillar Ω na resista da waya, Z kuma tarewar haɗin gaba ɗaya. Ku lura da alamar ɗebewa a layi na uku, nan maganar take. Boltejin cok yana gaban karant da kwata na zagaye, na kafasita yana bayansa da kwata, saboda haka a kowane lokaci suna saɓa wa juna. Cok ɗina ya kusa 1 H, riyaktans ɗinsa 314 Ω ke nan. Kafasita 10 µF kuwa 318 Ω take bayarwa. Lissafi ya ce a nan za su kashe juna.

Don sanin karant, na auna boltej a kan resistar na raba da 10. Da kafasita biyu, 5 µF, na samu 36 mA kacal. Da uku ya hau 92 mA. Da na saka ta huɗu sai ya yi tsalle zuwa 170 mA, har cok ya fara ɗan gurnani. Ta biyar ta sauko da shi 130 mA. Wannan hawa da sauka shi ne shaidar rezonans. Da karant ya ci gaba da hawa ba sauka, da ban kai wurin ba tukuna.

A kan 10 µF na ɗora mita a ƙafafun kafasita, ta nuna 54 V. A kan cok 55 V. Na koma bakin taransifoma, 12 V na nan yadda take. Babu wani ƙarfi da ya shigo daga waje: 0.17 A sau 318 Ω ne ya ba da 54 V, kuma cok da kafasita suna miƙa wa juna makamashi ɗaya ne, taransifoma tana cike abin da ya tafi a zafi kawai. Don haka ba a tara boltejin AC a jere kamar kuɗin cefane.

Wani abu ya fi ɗaukar hankalina. Mita ta ce wayar cok 40 Ω ce, idan an haɗa da resista ya zama 50 Ω, wanda ya kamata ya ba da 240 mA. Amma 12 V a raba da 0.17 A, kusan 70 Ω ne. Ragowar 20 Ω asarar ƙarfen cikin cok ce, wadda ba ta bayyana sai wuta na juyawa. Ƙarfen yana kuma sauya darajar L idan karant ya ƙaru, shi ya sa naku alƙaluman ba lallai su zo daidai da nawa ba.

Kada ku yi awon da inbata mai arha. Wutarta ba mai santsi ba ce, kuma mitar da ba a rubuta True RMS a jikinta ba tana auna matsakaici ne ta ninka da 1.11, lissafin da ke aiki ga wuta mai santsi kaɗai. Ƙaramin janareta ma saurinsa na yawo, ƙololuwar rezonans za ta riƙa gudu.

Don Allah kada wani ya jona wannan haɗin kai tsaye a soket. A lissafi kafasita za ta ga sama da 1000 V, alhali na fanka 400 ko 450 V aka rubuta musu. Ko a 12 V ɗin, ku sauke cajin kafasita da resista kafin ku taɓa. Gwajina na gaba shi ne in maye gurbin 10 Ω da 100 Ω, inda nake sa ran karant zai tsaya wajen 75 mA, ƙololuwar rezonans kuma ta baje.