Iyakar ƙarin gishiri a zanen fuska

A sana'armu ta zanen barkwanci, mutum zai zauna gabanka minti 5, ya tashi da takarda a hannu. Abu biyu yake so: duk wanda ya gani ya ce "ai wane ne wannan", kuma shi kansa ya ji daɗin rataye ta a ɗaki. Wahalar aikin tana tsakanin waɗannan biyun.

Kafin a kambama komai, sai an san matsakaiciyar fuska. A babban mutum, idanu suna tsakiyar kai daga sama zuwa haɓa, tazarar da ke tsakaninsu faɗin ido ɗaya ce, ƙarshen hanci kuma yana kusan rabin nisan gira zuwa haɓa. Inda fuskar mutum ta kauce wa wannan awo, nan kamanninsa suke, nan kawai muke ja. Ƙa'idar da muke bi ita ce a ninka bambancin. Idan tazarar idanunsa ta kai ido ɗaya da kwata, sai mu kai ta ɗaya da rabi. Da zarar ta kai biyu, ka zana wani mutum daban.

A ce mace ce mai doguwar fuska, ƙananan idanu da faffaɗan murmushi. Siffar kai ake fara zanawa, a ƙara mata tsawo, domin ita ido ke fara ganewa daga nesa. Sannan a zaɓi abu ɗaya ya zama jagora, a nan murmushin. Idan aka buɗe shi, dole kumatu su ɗaga, idanu su ƙara tsukewa, hanci ya ɗan gajarta ya ba baki wuri. Sabon hannu yakan ƙara girman ido da hanci da baki a lokaci guda, sai a ƙare da ƙaton kai wanda bai yi kama da kowa ba, tunda girman abu ba ya fitowa sai na kusa da shi ya ƙanƙance.

Haƙoranta kuwa, kada a ja layi tsakanin kowane biyu, bakin zai koma abin tsoro. A bar su fari, a ɗan nuna gefen dasashi. Layukan da suka sauko daga gefen hanci zuwa baki ma a sassauta musu, kowane ƙarin layi tsufa yake ƙarawa.

Ƙuraje, tabo, taiɓar wuya da harara-garke ba ma taɓa su da kambamawa. Wanda ke murmushi baki a rufe ya riga ya gaya maka kada ka je wajen haƙoransa, kuma wajibi ne ka saurare shi.

Kafin a sa tawada, a ɗaga zanen fensirin gaban madubi, ko a ja baya taku uku. Idan hancin ka fara gani kafin mutumin, an wuce gona da iri, sai a rage rabin abin da aka ƙara a sake dubawa.