"Manhajar nan ba ta aiki"

Iyakar abin da Alhaji ya turo mini ke nan ta WhatsApp daga shagonsa na Kantin Kwari. Manhajar rasit ce na rubuta masa da Python, ta daɗe tana aiki lafiya lau. Na gwada ta a kwamfutata mai Linux, rasit ya fito tsaf. Na sake dubawa layi-layi har dare, ban ga komai ba. Ta ina mutum zai fara? Ta ƙi buɗewa ne, ko ta buɗe ta mutu, ko lissafin ne ya zo ba daidai ba? Duk "ba ta aiki" ne, amma kowanne da inda ake neman sa.

Da safe na kira. Na ce, "Alhaji, me aka danna kafin ta tsaya?" Ya miƙa wa yaron shago wayar. Yaron ya ce wasu rasit suna fita, wasu kuma baƙin allon ya ɓace nan take, fayil ɗin ya zo babu komai a ciki. Wannan "wasu" ɗin kaɗai ya fi saƙon jiya amfani, domin ya nuna matsalar tana tattare da abin da ake rubutawa.

Na sa shi ya kunna ta daga `cmd` don kada allon ya rufe, ya sake shigar da rasit ɗin da ya ƙi, ya ɗauko mini hoto. Layin ƙarshe shi ne:

```
UnicodeEncodeError: 'charmap' codec can't encode character '\u0199' in position 0: character maps to <undefined>
```

Wannan lamba ta harafin ƙ ce. Ashe yaron sabon zuwa ne, kuma daga saƙon masu saye yake kwafo sunan kaya, "ƙyalle" da lanƙwasarsa. Na baya "kyalle" yake bugawa. Kwamfutar shagon Windows ce, inda Python ke rubuta fayil da `cp1252` idan ba a faɗa masa wani tsari ba, shi kuwa `cp1252` bai san ƙ, ɗ da ɓ ba. Tawa da `UTF-8` take rubutawa, don haka ko shekara zan yi ina gwaji a gida ba zan gani ba. Gyaran bai wuce wannan ba:

```
open("rasit.txt", "w", encoding="utf-8")
```

Har yanzu abin yana ci mini rai, domin da hoton nan ya zo tare da saƙon farko, da kafin la'asar an gama. Yanzu duk wanda ya ce mini ba ta aiki, ba na taɓa komai sai ya turo ainihin abin da ya rubuta, harafi da harafi, da hoton saƙon kuskuren gaba ɗaya, ba "ta rubuta wani Turanci" ba. Ina kuma tambayar irin kwamfutar, da abin da ya canza tun ranar da ta yi aiki ta ƙarshe. Mutane sukan ce babu abin da ya canza, don haka nakan bi da cewa, "To, waye yake zama a kanta yanzu?"