Jaka ɗayan Lazare

Yau lissafin Dogo ya cika cif, kuma cikar tasa ce ta hana ni sakewa har yanzu da nake rubutun nan.

Da safe lafiya lau, kuran bai ɗauke ba, Hajiya ta shigo da fara'a saboda atamfofin da ta yi komandi sun iso. Na ɗaure kaya, na rubuta ma kowane ɗan moto takardarsa, Auta ya yi Yantala da Kwara Kano, Dogo ya ɗauki Bukoki, Lazare, ya ƙare da Harobanda ƙetaren gada.

Dogo ya fita da koli 8. Kuɗin kayan jaka 88, kuɗin kaiwa jaka ɗaya-ɗaya wato jaka 8, na ƙara masa jaka 5 na canji ƴan 500 da silalla don kun san halin garin nan, mutum zai sayi kayan jaka 7 ya miƙo ma yaro takardar jaka 10 ya tsaya yana kallonsa. Duka jaka 101 ke wuyansa, ya sa hannu a kaye kamar kullum.

Bayan magariba ya dawo fuska duk ƙura. Ni dai yadda nake yi, ban taɓa kuɗi sai na ga kayan da suka dawo da idona. Koli ɗaya ya dawo, turaren wuta da humra na matar Harobanda, ya kira ya kira ba ta ɗaga ba, na buɗe na duba komai na nan, na cire jaka 13 har da kuɗin kaiwa. Ya ce ta Bukoki ta tura ta Nita lambar Hajiya, jaka 21, na cire. Esansi jaka 2, na cire. Saura jaka 65 ya kamata in gani a kan tebur. Ya zazzage jakarsa na ƙirga sau biyu, jaka 65 ba ko dala da ta ɓace. Har na ce masa sannu da ƙoƙari.

Sai Hajiya ta fito daga salla na ce ta ba ni wayarta in kwafe abin da ya shigo, don dai hoton da kiliya ke turowa a WhatsApp ban sa shi a lissafi, sai na ga kuɗin a wayar da aka tura ma. Abin da ya shigo daga Bukoki jaka 20 ne, ba 21 ba. Sunan ma na mijinta ne, da lokacin da ya shigo na gane shi, ƙarfe 11 da ƴan mintoci daidai sanda Dogo ke can.

Na kira matar, ta ce ai kuɗin kaya kawai ta tura, jaka ɗayan kaiwa a hannu ta ba yaron. To in haka ne jaka 66 ya kamata Dogo ya aje ba 65 ba.

Na fita na same shi yana goge moto, na ce Dogo zo mu sake bi layi-layi. Muka zauna a kan benci ina kiran koli yana faɗin yadda aka biya, na farko hannu, na biyu hannu, har muka zo kan leshin Lazare jaka 15 har da kuɗin kaiwa, sai ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Na ce ina jin ka. Ya ce Yaya wallahi ban ci ba. Na ce ban ce ka ci ba, nawa ta ba ka. Ya ce jaka 14. Wai ta ƙirga masa ta ce ita da Hajiya ba ta yau ba, ba a karɓar kuɗin kaiwa a wajenta, je ka ɗana Allah ya yi maka albarka. Ya ce Yaya matar nan ta haife ni, ta ba ni ruwan sanyi, ga sirikanta zaune a tsakar gida, ta ina zan tsaya ina ce mata saura jaka ɗaya. Shi ne ya rubuta Lazare ta biya 15 duka, ya sa jaka ɗayan Bukoki a gurbin, ita kuma Bukoki ya rubuta mata 21 ta waya.

Na ce me ya hana ka kira ni tun kana ƙofar gidan. Ya ce in na rubuta 14 a albashina za a cire.

Gaskiyarsa kuwa. Dokar Hajiya ke nan tun fara aikin, duk abin da bai cika ba ɗan moto ne zai biya, kuma na san dalilinta don an taɓa cutar ta sosai kafin su Dogo su zo. Amma dokar ba ta raba kuɗin da yaro ya yar ko ya ci da kuɗin da kiliya ta ƙi bayarwa, shi ya sa yaron kirki ma zai gwammace ya gyara takarda. Jaka ɗaya kusan lita 2 ce ta esansi, ga mai yini cikin ranar Yamai a kan moto ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ke ci na shi ne da Hajiya ta fita unguwa da wayarta yau, da na rufe kaye da jaka 65 na tafi gida da kwanciyar hankali. Jimilla in ta cika abu ɗaya kawai take gaya maka, kuɗin tebur ya yi daidai da abin da ɗan moto ya faɗa. Ba ta gaya maka ko abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da ya faru ba. Wannan sai daga wajen da hannunsa bai kai, wato wayar Hajiya, da kayan da ke kan kanta, da bakin kiliya. Kuma irin wannan toshiyar ce ke girma, yau jaka ɗaya, wata rana yaro ya kai kaya ya karɓi kuɗi ya rubuta "gobe" don ya rufe ramin jiya da su. Shi ya sa duk kolin da aka ce gobe sai ya kwana a shago na gan shi, ko da kukan wahalar dawowa da shi za a yi mini.

Na faɗa ma Hajiya komai a gaban Dogo don kar ya zaci da bayansa na bi. Ta yi dariya ta ce lallai ƙawarta ce, ita ce ma ta ce mata kar ta biya, ta manta ba ta gaya mini ba. Ta ce a bar shi. Ni dariyar ba ta zo mini ba, yaro ya yini da abin nan a ransa daga Lazare har ƙetaren gada ya dawo, kan maganar da aka gama a waya tun jiya. Na roƙe ta duk rangwamen da ta yi ma wani ta turo mini kafin kaya su fita in rubuta a takardar, ta ce to. Za mu gani.

Na zana sabon layi a kayen gobe, kowane koli gida uku, hannu, waya, saura, sai ɗan fili na dalili. Abin da ya shiga gidan saura kuma aka kira ni tun a ƙofar gida, ba a taɓa albashi. Wannan ɗin Hajiya ba ta amsa ba tukuna, ta ce sai ta yi tunani.

Na Auta ya cika, har da wayar na bi. Na sayi tsire a hanya ban ma iya ci ba. Matar Harobanda ta kira ƙarfe 10 na dare wai wayarta ce ba caji, a kawo mata gobe kafin azahar.