Yadda Na Yi Rajista da COREN: Rahoto, Masu Tsaya Mini da Ranar Ganawa

A Nijeriya digiri kaɗai ba ya ba mutum ikon sa Engr. a gaban sunansa ko buga hatimi a kan zane. Sai ya yi rajista da COREN, hukumar da aka kafa a 1970 don sa ido kan aikin injiniya. Ana neman digiri daga kwas ɗin da hukumar ta amince da shi, da aƙalla shekara 4 na aiki bayan kammala karatu. Mai HND da ke son rajistar injiniya sai ya ƙara da PGD, wato difloma ta gaba da digiri. Ni ta ƙungiyar injiniyoyi ta NSE na bi, na zama cikakken mamba, sannan na nemi rajistar. A hanyar sai da na rubuta rahoton ayyukan da na yi, na zauna ganawa da masu tambaya a kansa, na kuma samo masu tsaya mini.

Shekarun nan huɗu ba ƙirga su kawai ake yi ba. Ana son a ga hukuncin da ka yanke da kanka a cikinsu. Tun ina bautar ƙasa wani babban injiniya ya sa ni riƙe littafi, ina rubuta abin da aka yi a wurin aiki, da matsalar da ta taso, da wanda ya warware ta. Da na zo rubuta rahoto, littafin nan ne ya fisshe ni, domin adadin rodi da sakamakon gwajin kankare ba sa zama a kai.

Ban cika rahoton da manyan ayyukan da na tsaya kallo ba. Na zaɓi kwalbati guda a kan wata hanyar karkara, saboda ni na yi lissafinsa tun daga tushe. Filin da ke turo masa ruwa hekta 40 ne. Na ɗauki ƙarfin ruwan sama milimita 90 a awa, kuma rabin ruwan ne ke gangarowa, sauran kuma ƙasa ta shanye shi. Da ƙa'idar `Q = CIA/360`, inda C ke nufin kason ruwan da ke gangarowa, wato 0.5, I ƙarfin ruwan sama, A kuma girman filin, lissafi ya ba da kubik mita 5 a daƙiƙa. Sai na zaɓi bakin kwalbati mai faɗin mita 2 da tsayin mita 1.5, wanda zai ɗauki kubik mita 6 idan ruwa na gudun mita 2 a daƙiƙa.

A kan wannan shafin aka tsare ni ranar ganawa. Wani dattijo a cikin masu tambayar ya ɗora yatsa a kan rabin nan, ya ce, "To malam, idan aka yanka filin nan aka yi gidaje da kwanon rufi fa?" Na ce, "Yallaɓai, ƙasa za ta rage shan ruwa. Idan adadin ya tashi daga 0.5 zuwa 0.7, ruwan zai kai kubik mita 7, kwalbatin ya yi kaɗan, sai an ƙara masa baki na biyu." Ya gyaɗa kai, ya wuce zuwa kankare: me zan yi idan gwajin ƙarfinsa na kwana 7 bayan zubawa ya fito da rauni alhali ɗan kwangila na matsa mini? Na ce a kwana 7 ana sa ran kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin kwana 28. Idan bai kusa ba, zan hana ɗora nauyi, in rubuta umarnin a takarda, in jira gwajin kwana 28, in ta kama a huda simintin a ciro samfur. Sun fi damuwa da ko zan iya cewa a'a fiye da ko na haddace ƙa'idoji. Wanda ya kwafi rahoton wani, a tambaya ta biyu asirinsa ke tonuwa, domin bai san dalilin lambar da ke gabansa ba.

Batun masu tsaya maka shi ne mutane suka fi raina wa, kuma abin yana damuna. Ana buƙatar injiniyoyi biyu masu rajista, waɗanda kuma ba a bin su kuɗin lasisi na shekara. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana riƙe takardun mutane da yawa, don haka a tambaya cikin ladabi tun kafin a sa sunan mutum. Na ga masu neman sa hannun babban mutum da bai taɓa ganin aikinsu ba, wai don sunansa ya yi nauyi. A ganina wannan zalunci ne ga ɓangarorin biyu, domin mai tsaya maka lambar rajistarsa da mutuncinsa yake jinginarwa a kan cewa ka iya.

Ni na je wurin wanda ya duba zanen kwalbatin da jan biro, da wata injiniya da na yi aiki a ƙarƙashinta. Ita ba ta amince nan take ba. Ta karɓi rahoton, ta dawo da shi cike da tambayoyi a gefen shafi, ta ce, "Ƙanena, duk inda ka rubuta an yi, ka faɗi wanda ya yi. In ba kai ba ne, cire shi." Rahoton ya ragu sosai, kuma sai da ta sake karanta shi daga farko har ƙarshe kafin ta sa hannu.