Sandar da ta ninka ʼyarʼuwarta a hoto

Da yammacin wata Laraba shugabar sashenmu ta turo mini hoton shafi ɗaya na rahoton shekara ta waya, ta ce in duba in gaya mata da kashi nawa masu rajistar horon da muke bayarwa suka ƙaru daga 2022 zuwa 2023, domin da safe za ta shiga taro. A saman shafin akwai zanen sanduna guda biyu, kowace shekara da sandarta, a ƙasa kuma jadawali mai layuka uku na cibiyoyinmu. A tsaye ta ɗauki hoton, littafin yana kan tebur, kuma gefen hagu na shafin bai shiga ba.

Na buɗe hoton, na ga sandar 2023 ta yi tsawon ta 2022 sau biyu. Har rula na ɗora a kan fuskar wayar don in tabbatar. Nan take na rubuta mata cewa adadin ya ninka, ƙarin kashi 100 cikin 100 ke nan.

Bayan minti kaɗan ta kira ni. Ta ce, "Malam, idan har mun ninka, ina muka zaunar da mutanen? Ai azuzuwanmu ba su ƙaru ba."

Na ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, abin da zanen ya nuna ke nan."

Ta ce in dakata, za ta sake ɗauko hoton. A na biyun ne gefen hagu ya fito, wato layin tsaye mai ɗauke da lambobin maʼauni. Gindinsa ba sifili ba ne, daga 300 aka fara shi, ana hawa da hamsin-hamsin. Sandar 2022 ta tsaya a 400, ta 2023 ta tsaya a 500. Abin da idona ya auna shi ne ɓangaren da ya haura 300 kawai: ɗari a sanda ta farko, ɗari biyu a ta biyu. Shi ya sa ɗaya ta yi biyun ɗaya a takarda. An yanke ɗari uku daga ƙasan kowacce, ni kuwa na kwatanta ragowar kamar su ne duka. Ƙarin gaskiya mutum 100 ne a kan 400, wato kashi 25 cikin 100.

Har yau ina ganin fara maʼaunin sanduna daga wani wuri da ba sifili ba kuskure ne daga mai zanen, domin tsawon sanda shi ne saƙon da take isarwa. Amma rahotanni da yawa haka suke zuwa, kuma mai karatu ba shi da ikon gyara su. Abin da ke hannunsa shi ne ya fara neman lambar da ke gindin maʼaunin kafin ya kalli tsawon komai. Wani lokaci mai zanen yakan sa ʼyar alamar karyewa a kusa da gindin don ya nuna ya tsallake wasu lambobi, wani lokaci ba ya sa komai. Idan hoton ya yanke wannan gefen, babu lissafin da za a yi da sandunan sai an sake ɗauka.

Ko da maʼaunin ya fito, hoto ba takarda ba ne. Idan an karkata waya wajen ɗauka, ɓangaren shafin da ya fi kusa da kamara yakan fi girma, na nesa ya tsuke, layukan da suke a miƙe kuma su gangara. Idan littafi ne mai kauri, shafin yakan lanƙwashe a wajen ɗinki. Saboda haka rular da na ɗora a kan waya ba ta da amfani tun farko: santimita ɗaya a saman hoton ba daidai take da santimita ɗaya a ƙasansa ba. Abin dogaro shi ne siraran layukan kwance da aka ja a bayan sandunan, domin duk yadda hoton ya karkace, tare suke karkacewa da sandunan. Sai ka nemi layin da ke ƙasan kan sandar da wanda ke samansa, a daidai inda sandar take, ka ga ina ta faɗa tsakaninsu. Idan tana tsakiyar 400 da 450, to kusan 425 ce, kuma kalmar "kusan" dole ta bi lambar duk inda ta je.

Dalilin da ya sa na dage a kan wannan kalma shi ne wani gwaji da na yi daga baya da waɗannan lambobin. A ce idona ya kuskure da goma kacal a kowace sanda, na karanta 410 da 490. Bambancin ya zama 80, a raba da 410, ya ba da kashi 19.5. A ce kuma kuskuren ya bi ta ɗaya gefen, na karanta 390 da 510: bambanci 120, a raba da 390, kashi 30.8. Kuskuren da bai kai kaurin farce ba a fuskar waya ya kai amsar daga kusan 20 zuwa kusan 31. Lissafin canji a kan bambanci yake tsayawa, bambancin kuwa ƙarami ne idan aka gwada shi da lambobin, don haka ɗan kuskure yana cin babban rabo a cikinsa. Wanda ya karanto lamba daga sanda da ido, sannan ya rubuta amsa har da ɗigo da lambobi biyu a bayansa, ya faɗi abin da hoton bai ba shi ba.

To, a daren nan na koma kan jadawalin da ke ƙasa, tunda a can an rubuta lambobin ɓaro-ɓaro. Nan ma hoton bai bar ni ba. Shafin ya ɗan karkace, jadawalin kuma ba shi da layukan da suka raba cibiya da cibiya. Na ɗauki 185 na cibiya ta biyu a 2022, na bi da ido zuwa dama, sai na sauka a kan 140. Na lissafa, na ga cibiyar ta ragu da kusan kashi 24. Abin da ya tsayar da ni shi ne na san cibiyar nan, na san a shekarar har ƙarin kujeru suka nema. Da na ƙara girman hoton na bi layin da gefen takarda, sai na ga 140 na cibiya ta uku ne. Na ta biyun 210 ne, kuma daga 185 zuwa 210 ƙari ne na kashi 13.5.

Tun daga ranar ba na lissafi kai tsaye daga hoto. Sai na kwafe jadawalin gaba ɗaya, layi bayan layi, sannan in tara kowane ginshiƙi in gwada da jimlar da aka buga a ƙasansa. A 2022 akwai 120 da 185 da 95, sun tashi 400. A 2023 akwai 150 da 210 da 140, sun tashi 500. Wannan tarawa ta yi mini wani amfanin a daren: hasken fitila ya faɗi a kan 185 ɗin, takwas ɗin ta yi kama da uku. Da na cire 120 da 95 daga 400, abin da ya rage 185 ne, shakka ta kau. Sai dai a lura, tara ginshiƙi yana kama lambar da aka karanta ba daidai ba, amma ba ya kama musayar layi. Idan ka ba cibiya ta biyu lambar ta uku, ta uku kuma ka ba ta lambar ta biyu, jimlar za ta fito daidai. Maganin wannan sai bin layi da abu miƙaƙƙe, da kuma sanin abin da ake ƙirgawa. Kan jadawalin ma abin karantawa ne, domin a can ake rubuta cewa lambobin na dubbai ne, kuma shi ne wurin da hoto ya fi yawan yankewa.

Lissafin kansa gajere ne:

```
(sabo - tsoho) / tsoho * 100
```

Inda mutane ke zamewa shi ne lambar da ake rabawa da ita. Washegari wani abokin aikina ya duba takardar, ya ce shi kashi 20 ya samu. Ya raba 100 da 500 ne, wato da sabon adadi. Amsarsa tana da maʼana, amma ta wata tambaya ce daban: kashi nawa ne ƙarin ya ɗauka a cikin adadin 2023. Tambayar da aka yi mana ita ce nawa aka ƙaru a kan abin da ake da shi a da, don haka tsohon adadi ne maʼauni. Hanyar da nake gane an yi wannan kuskure ita ce in mayar da amsar kan tsohon adadi. Kashi 20 na 400 shi ne 80, a haɗa ya zama 480, bai kai 500 ba. Kashi 25 na 400 shi ne 100, a haɗa ya zama 500 cif. Wannan gwaji ba ya cin minti guda.

Daga nan ne na fahimci abin da ya daɗe yana rikita ni, cewa hawa da sauka ba su da kashi ɗaya. Daga 400 zuwa 500 ƙari ne na kashi 25, amma da za a koma daga 500 zuwa 400, raguwar kashi 20 ce, domin yanzu 500 ne wurin tashi. Mutum ɗari ɗin ba su canza ba, abin da ake auna su da shi ne ya canza.

Ginshiƙi na ƙarshe a jadawalin na waɗanda suka kammala horon ne, kuma tun asali a kashi aka rubuta shi: kashi 40 a 2022, kashi 50 a 2023. Na so in rubuta cewa an ƙaru da kashi 10, sai na tsaya. Tazarar da ke tsakanin 40 da 50 maki 10 ce, amma idan aka auna ta da 40 da aka tashi daga kai, ƙarin kashi 25 ne. Duka biyun gaskiya ne, sai dai wanda ya ji "kashi 10" kawai yana iya ɗauka daga 40 aka koma 44. Adadin mutanen kuma wani labari ne na uku: kashi 40 na 400 mutum 160 ne, kashi 50 na 500 mutum 250 ne, ƙarin mutum 90, wato kusan kashi 56. A irin wannan wuri na fi son in rubuta lambobin biyu yadda suke, mai karatu ya ga mafari da ƙarshe da idonsa.

Saƙon da na tura wa Hajiya kafin ta shiga taro ya ce masu rajista sun tashi daga 400 zuwa 500, ƙarin kashi 25 cikin 100, kuma daga jadawali na ɗauko lambobin, ba daga sanduna ba; masu kammalawa kuma sun tashi daga kashi 40 zuwa kashi 50, tazarar maki 10. A ƙasa na roƙe ta cewa idan za ta sake turo shafi, ta shimfiɗa shi, ta riƙe wayar daidai samansa yadda kusurwoyi huɗun za su fito, ta kuma turo hoton a matsayin fayil don kada manhajar saƙo ta rage masa kaifi. Ta amsa da cewa za ta kawo mini littafin kansa ofis da rana.