Ƙaurin hulba

Har yanzu da nake wannan rubutu bayan sallar isha'i, ƙaurin hulbar da na ƙona da hantsi bai bar gyalena ba, kuma shi ne ya hana ni kwanciya. Jibi ne sunan Auta, ni kuma aka ɗora wa haɗa yajin jego, don haka da sassafe na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo masoro da kanumfari da kimba da gyaɗar miya da barkono, da busasshiyar citta wadda mai kayan ya ce daga Kachia aka kawo ta, sai hulba kaɗan da Goggo ta ce a ƙara. Ruwan da aka kwana biyu ana yi ya sa kayan sun yi sanyi, har kimbar tana lanƙwasuwa a hannu maimakon ta karye. Irin wannan kaya in an zuba su a turmi haka nan, dunƙulewa suke yi, shi ya sa na yanke shawarar in soya su a busasshen kasko kafin daka.

Kuskurena biyu ne, kuma duka gaggawa ce ta jawo su. Na juye masoro rabin gwangwanin madara da kanumfari cokali 2 da hulba cokali 1 da kimba guda 10 duka a kasko ɗaya, a kan wuta mai ƙarfi. Da na ga hulbar ta fara canza launi sai na kashe wutar, na bar kayan a cikin kaskon, na fita kwashe shanya saboda hadari ya haɗo. Ban wuce minti 3 a tsakar gida ba. Da na dawo na tarar hulbar ta koma kalar garin kofi, kawunan kanumfarin sun yi baƙi, kimbar kuwa ko ɗumi na kirki bai ratsa ta ba.

Goggo tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, nesa da madafa, amma kafin in ce komai ta riga ni.

"'Yar nan, me kika ƙona? Wannan ƙaurin hulba ne."

Na ce, "Goggo, ai na kashe wutar kafin in fita."

Ta ce, "Wutar kika kashe, kaskon fa? Shi ma kin kashe shi?"

Wannan tambaya ce ta tsaya mini a rai yini guda. Kaskon nan na ƙarfe ne mai kauri, wanda na fi so saboda zafi yana bazuwa a cikinsa daidai, ba ya ƙona tsakiya ya bar gefe. Amma kaurin nan nasa shi ne ke sa ya riƙe zafi bayan an kashe wuta, kuma duk abin da aka bari a cikinsa yana ci gaba da soyuwa, ga shi babu mai juyawa, gefe ɗaya ne kawai ke kwance a kan ƙarfen. Na san wannan a tuyar ƙwai da suyar gyaɗa, ban taɓa kawo shi a raina game da ƙwayar da ba ta kai ƙwayar dawa girma ba, alhali ita ce ta fi saurin cutuwa.

Na tauna ƙwayar hulba ɗaya don in ga ko za a iya ceto kayan. Ɗacin ya kama mini harshe har maƙogwaro, na daɗe ina kurkure baki. Hulba dama tana da ɗacinta tun tana ɗanya, suya kaɗan tana rage shi ta fito da wani ƙamshi mai kama da na sukarin da aka narka, amma da zarar ta wuce sai ɗacin ya dawo ya ninka, kuma babu gishiri ko daddawar da za ta rufe shi. Na so in tsince ta in yi amfani da sauran, Goggo ta hana. Ta ce hayaƙin ya riga ya shiga masoron, kuma mai jego ba za ta yi kwana arba'in tana cin ƙauri ba.

Da azahar na aiki Ummi kasuwa ta sake sayo kayan. Wannan karon Goggo ta sa aka kawo mata kujera 'yar tsugunne bakin madafa. Idanunta ba sa gani sosai yanzu, da hanci da kunne ta yi mini jagora.

Abu na farko da ta sa na yi shi ne in ajiye babban tire a gefena tun kafin in kunna wuta, domin lokacin da kaya suka yi ba lokacin neman mazubi ba ne. Sannan na goge kaskon ya bushe ƙarau, babu ɗigon ruwa babu maiƙo, na ɗora shi a kan wuta matsakaiciya mai karkata zuwa ƙasa har kusan minti 2. Ta ce in ɗaga tafin hannuna a samansa, in na ji ɗumi yana bugowa amma zan iya jurewa, to ya isa. Kuma kowane kaya shi kaɗai zai shiga, a baje shi shimfiɗa ɗaya, kada wani ya hau kan wani.

Da gyaɗar miya muka fara, guda 8, da ɓawonta. Ita ce mafi jinkiri, ta ɗauki kusan minti 5 ina juya ta da cokalin katako, har ɓawon ya yi duhu a wurare, ya fara tsagewa da ɗan ƙara. Goggo ta ce in fasa ɗaya. Ɓawon ya rabu cikin sauƙi, ƙwayar ciki ta yi laushin maiƙo, ƙamshinta ya cika madafar. Kimba ta biyo baya, bayan na ɗan farfasa ta na cire 'ya'yan cikinta, saboda su ne masu ɗaci. Minti 3 zuwa 4 ta yi, kuma alamarta a hannu take: wadda ɗazu take lanƙwasuwa, yanzu in ta ɗan huce sai ta karye ƙas.

A kan masoro ne muka daɗe muna magana, domin shi launinsa ba ya taimakon mai suya. Baƙi ne tun asali, ba za ka ga ya yi duhu ba. Na zuba, ina girgiza kaskon, sai Goggo ta ce in yi shiru in saurara. A minti na farko ƙarar ƙwayoyin a kan ƙarfe a dakushe take, saboda danshin damina da ke jikinsu. Can sai ƙarar ta koma garau, kamar an zuba tsakuwa ƙanana a faranti, ɗaya-ɗaya kuma suna ɗan fashewa. A daidai nan warin ƙura da na buhu ya ɓace, wani ƙamshi mai ɗumi da yaji ya taso ya daki hancina.

"Yanzu," in ji Goggo. "Juye."

Na ce, "Goggo, ko in ƙara masa kaɗan? Yanzu fa ƙamshin ya fara."

Ta ce, "Ƙamshin da kike ji a iska, daga cikin masoron ya fita, kuma ba zai koma ba. Kina so ki ƙamsasa madafa ne ko yajin?"

Na juye. Da na duba agogon waya, minti 2 da rabi ne. Na daɗe ina juya maganar nan tata, na ga daidai take da abin da ke faruwa. Ƙamshin waɗannan kaya yana cikin wani mai ne da ke ɓoye a jikin ƙwayar, mai saurin bin iska. Zafi yana kore danshi, ya sa ƙwayar ta yi garas ta daku da kyau, ya motsa man ya taso sama, ya kuma ƙara ɗan ɗanɗanon gashi. Amma zafin da ya taso da man shi ne kuma ke tafiya da shi. Saboda haka tashin ƙamshi alamar saukewa ce, duk daƙiƙar da aka ƙara bayan nan ragi ce. Hayaƙi kuwa, in har an gan shi yana tashi sosai, an riga an makara. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a yi wa garin yaji irin wannan suya: abin da aka riga aka daka ba shi da ɓawon da zai kare shi, kafin ka juya cokali ya ƙone.

Kanumfari bai kai minti 2 ba. Ya ɗan kumbura, jikinsa ya yi sheƙi, ƙamshinsa mai kaifi ya ɗan yi taushi, na sauke. Sai hulba, wadda hannuna ya ɗan yi rawa da na zuba ta. Goggo ta sa na rage wutar ƙasa sosai, ban daina juyawa ba ko sau ɗaya. Daga rawaya ta koma ruwan zuma a cikin minti 1 da 'yan daƙiƙoƙi, na juye ta a tire tun kafin zuciyata ta yarda ta yi, kuma a kan tiren ma na ga ta ƙara duhu kaɗan.

Citta da barkono ba su ga kasko ba. Goggo ta ce cittar a bar ta ta sha ɗumin gefen murhu kawai tun da babu rana, barkono kuwa saurin ƙonewa gare shi, hayaƙinsa kuma zai kori kowa daga gidan, har da jaririya.

Na so in fara daka nan take, ta ce in bari su huce sarai, kamar minti 15, a baje. Kayan da ke da zafi suna fitar da tururi, man jikinsu kuma yana narke, in an daka su haka sai su manne a gindin turmi, in an rufe a kwalba kuma su yi gumi su dunƙule. Da suka huce, taɓarya ba ta sha wahala ba, tankaɗe biyu muka gama. Na kai wa Goggo kaɗan a tafin hannu, ta shinshina ta daɗe, ta ce masoron ya yi, kanumfarin kuma da an sauke shi da wuri kaɗan da ya fi.

La'asar a gurguje. Baƙi daga Samaru. Ruwa bai sauko ba sai magariba.

Abin da ya dame ni da daren nan shi ne wata magana da ta yi a hankali lokacin da nake ɗauke kujerarta. Ta ce bana hancin nata ma ya fara yi mata nauyi, ƙaurin hulbar ta ji shi ne don ya yi yawa, amma lokacin masoron da kunne ta kama shi, ba da hanci ba. Shekara da shekaru ina cin yajinta ban taɓa tsayawa kusa da kaskonta ba sai yau. Na rubuta mintocin a bayan kalanda, ko da yake na san wutar gawayi da ta gas ba ɗaya ba ce, kayan rani da na damina ma haka, kuma kasko marar kauri zai rage lissafin duka.

Kayan farko da suka ƙone suna nan a kwano a kan taga, na kasa zubarwa. Gobe da safe akwai riɗin da za a soya na kantu, na roƙi Goggo ta sake zama a bakin madafa, ta ce in Allah ya kai mu.